Jawabin malamar zane kan mayar da hoto katun, da hoton 'yata da ya koma baƙi ƙirin

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya malamar zane ta buɗe wa 'yan ajin su Hanifa wani sabon aiki, kowane yaro zai mayar da hotonsa zanen katun da hannunsa. An gayyaci iyaye, na je, kuma da izininta na naɗi jawabin da ta yi musu. Na zauna na rubuta muku wuraren da suka fi muhimmanci, domin ina da tambaya a ƙarshe. Ga abin da ta ce:

"Yara, kowa ya ɗauki hoton da ya zo da shi. Ku miƙa shi gaba iya tsawon hannunku, sannan ku ƙanƙance ido har sai kun daina ganin gashin gira ɗaya-ɗaya. Me ya rage? Wani wuri mai haske, wani mai duhu, wani kuma tsaka-tsaki. To abin da ya rage ɗin nan, shi za mu zana. Kyamara ba ta zaɓe. Duk abin da ta tarar sai ta kwashe, da ƙurji, da zufa, da zaren riga, da ƙusar da ke jikin bango. Mai zanen katun kuwa zaɓe yake yi, abin da ya bari ya fi abin da ya ɗauka yawa.

"Kowa zai samu takarda mai shara-shara guda uku. Ta farko ta layi ce. Ka ɗora ta kan hotonka, ka manne sama da salatif don kada ta motsa, ka bi fuskarka da fensir. Amma layi ashirin kawai na ba ka, kuma duk sanda ka ɗaga fensir daga takarda, layi ɗaya ya tafi. Don haka ka yi tunani kafin ka fara. Zagayen kai, haɓa, gira biyu, saman ido biyu, ƙasan hanci, layin da ke tsakanin leɓe biyu. Kada kowa ya zana mini haƙora ɗaya-ɗaya, a bar su fari guda. Kada a ja layi a gefen hanci daga gira har ƙasa. Wannan layin da ke saukowa daga hanci zuwa gefen baki in kun yi murmushi, ku ƙyale shi, in kuka zana shi sai yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta koma kaka.

"Takarda ta biyu ta inuwa ce. A nan ba ido ko baki za ka bi ba. Za ka zagaye inda duhu yake, kamar mai zana taswira: ƙarƙashin haɓa, gefen fuskar da bai kalli taga ba, ƙarƙashin hanci. Sannan ka zagaye inda haske ya fi faɗawa, yawanci goshi da karan hanci da saman kunci. Kala uku kawai fuska za ta samu, mai haske, tsaka-tsaki da mai duhu, kuma ba a murza ɗaya cikin ɗaya. A bar iyakar a fili.

"A takarda ta uku za ka haɗa su. A nan ne na yarda ka ƙara girman abu guda ɗaya a fuskarka, wanda kai ka zaɓa, abin da in an gani za a ce ai wane ne. Tabarau ne, wushirya ce, manyan idanu ne, kai ka sani. Kowa hotonsa zai zana. Ba wanda zai zana abokinsa, ba wanda zai zaɓa wa wani abin da za a ƙara."

Tambayata ita ce wannan. Hanifa baƙa ce sosai. Da ta ƙanƙance ido ta kalli hotonta, ta ce ita kala ɗaya take gani a fuskarta, ba uku ba. Yayanta ya ce bari ya taimaka mata da kwamfuta, ya buɗe hoton a manhajar gyaran hoto ta GIMP ya danna Threshold. Fuskar gaba ɗaya ta koma baƙi ƙirin, sai fararen idanu da haƙora. Ya gwada da hoton 'yar ƙanwata wadda ta fi ta haske, ya fito tsaf har da inuwar hanci. Hanifa ta tura takardun gefe ta ce fuskarta ba ta katun ba ce. Abin ya tsaya mini a rai. Ina matsalar take?

Abban Sultan: Wa alaikumus salam. Hajiya ki daina wahalar da yarinya. Akwai manhajoji birjik a waya, ki sa hoto ki danna sau ɗaya ya fito katun. Ta kai wa malama, shi ke nan.

Maman Hanifa: Abban Sultan, malamar ta ce takardun ukun duka za ta karɓa, ba na ƙarshe kawai ba. Kuma ni so nake ta iya da hannunta.

Malama Rakiya: Maman Hanifa, sannu da ƙoƙari. Ni ma zane nake koyarwa, kuma kusan duk shekara sai na haɗu da irin wannan. Ki fara gaya wa Hanifa cewa kala uku suna nan a fuskarta, hoton ne ya danne su. Baƙar fata ma ta fi nuna sheƙin goshi da kunci in haske ya faɗo mata daidai. Amma ki ba ni amsar abu uku: a ina aka ɗauki hoton, me ke bayanta, kuma daga ina haske yake zuwa?

Maman Hanifa: A ɗaki ne da rana. Ta tsaya ta juya wa taga baya, labulen a buɗe, bangon kuma fari ne. Ita ta ɗauki kanta da kyamarar gaba.

Malama Rakiya: To ga shi nan. Taga a baya, farin bango, kyamarar gaba. Waya tana auna hasken hoton gaba ɗaya ne ta nemi tsaka-tsaki. Da ta ga taga mai ƙyalli da farin bango, sai ta rage haske don kada su ƙone, fuskar kuma da ma tana cikin inuwa, sai ta ƙara nutsewa. Ko farar fata ce aka ɗauka a haka za ta dushe, sai dai ita tana da sauran rara, baƙa kuwa nan take take shigewa duhu. Kuma hasken da ya zo daga baya ba ya raba fuska gida biyu, duk gabanta inuwa ɗaya ce. Hanifa gaskiya ta faɗa da ta ce kala ɗaya take gani.

Sadiq Zayyana: Anti, bari in ɗora a kan maganar Malama ta ɓangaren kwamfuta, don aikina ke nan kullum. A hoton da aka cire wa kala, kowane ɗigo yana da lamba daga 0 zuwa 255. 0 baƙi ne ƙirin, 255 fari ne fat. Abin da Threshold yake yi shi ne ya ja layi guda, duk abin da ke ƙasa da layin ya koma baƙi, na sama ya koma fari. In ka buɗe shi, layin yana tsakiya ne, wajen 127. Fuskar da take ƙasa da 127 gaba ɗayanta dole ta zama baƙi, ko da akwai bambanci mai kyau tsakanin goshi da kunci. Shi bai san fuska ba, lamba kawai yake kallo.

Ki ce wa yayanta ya yi mini abu ɗaya. Ya buɗe hoton, ya je Colors ya cire kala da Desaturate, sannan ya ɗauki Color Picker ya taɓa wuri huɗu: goshi, kunci, ƙarƙashin haɓa, da bango. Ya turo lambobin.

Baba Iliya: Ni dai kafin ku yi nisa, ina da ja a kan jawabin kansa. Ɗora takarda a kan hoto a bi layi ai ba zane ba ne, kwafi ne. Mu da muka koyi zane, abu ake ajiye mana a kan tebur mu kalla mu zana, hannu da ido su saba da juna. Yaron da aka saba masa da bin layi, ranar da aka ɗauke hoton ba zai iya zana ko kofi ba. Malamar nan tana ba su sandar dogarawa tun ƙafarsu lafiya lau.

Malama Rakiya: Baba, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, na ga yaran da suka maƙale a kwafi. Amma ka duba dokar da ta sa, layi ashirin. Mai kwafi zalla duk abin da ya gani bi yake yi, shi ya sa zanensa yake fitowa kamar tsohuwar taswira, layi ko'ina. Wanda aka ce ashirin kawai gare shi dole ya tsaya ya tambayi kansa, wanne ne in na cire fuskar za ta daina zama tawa? Wannan tambayar ita ce darasin.

Akwai kuma abin da bin hoto yake gyara wa yara wanda baki ba ya gyarawa. In ka ce wa yaro ya zana fuska daga ka, kusan kullum sai ya kai idanu can sama kusa da gashi. Alhali in ka auna daga tsakar ka zuwa haɓa, idanu a wajen tsakiya suke. Na sha faɗa, ba sa yarda. Amma ranar da yaro ya bi hotonsa, ya cire takardar ya ninka ta biyu, ya ga ninkin ya ratsa ta kan idanunsa, daga ranar ya yarda.

Baba Iliya: To ai da madubi ma zai iya ganin haka.

Malama Rakiya: Zai iya, Baba, sai dai fuskar da ke madubi motsi take, yaro ɗan shekara goma kuwa da ya sunkuya ya ɗago ta canja. Ni a ajina madubi yana zuwa ne bayan wannan, ba kafinsa ba.

Baba Iliya: Allah ya sa suna kaiwa ga madubin. Abin da nake gani shi ne a nan ake tsayawa.

Ummi K.: Don Allah ni ban gane ba. Katun ɗin zai riƙa motsi yana magana ne kamar na talabijin? Ɗana ya daɗe yana so ya koyi wannan. Wace manhaja ce ke sa bakin ya motsa?

Sadiq Zayyana: A'a Anti Ummi, wannan hoto ɗaya ne tsayayye. Mai motsi wani aiki ne daban, zane da yawa ake jerawa, sau da yawa goma sha biyu a kowace daƙiƙa. Amma suna da dangantaka. Akwai tsohuwar dabara ta bin hoton fim ɗaya bayan ɗaya ana zanawa a kai, Max Fleischer ya nemi rajistar na'urar yin haka a 1915. Kin ga ke nan bin hoto ba yau aka fara ba, Baba Iliya ma ya ji. In ɗanki ya iya wannan na tsaye, ya taka matakin farko.

Maman Hanifa: Sadiq ga lambobin. Goshi 95, kunci 70, ƙarƙashin haɓa 40, bango 230.

Sadiq Zayyana: Madalla. Kin ga kala ukun da Malama ta ce suna nan? 95, 70, 40. Bambanci ne na gaske, amma duka ukun suna ƙasa da 127, shi ya sa Threshold ya haɗa su ya shafe. Fuskar ta takure a ɗan lungu tsakanin 40 da 95, bango ya cinye sauran filin.

Nura Mai Hoto: Ai gyaran mai sauƙi ne. Ku bar Threshold, ku yi Posterize ku sa 3, zai ba ku kala uku daidai yadda malama take so. In ya yi duhu ku ƙara Brightness. Haka nake yi.

Sadiq Zayyana: Yaya Nura, Posterize ɗin daidai ne, shi ne ya dace da aikin nan, amma akwai tarko biyu. Na farko, in ka sa 3 a kan hoto mai kala, ba kala uku zai ba ka ba. Ja da kore da shuɗi kowanne zai raba shi uku, uku sau uku sau uku, kala 27 ke nan za su iya fitowa. A nan ne ake ganin kunci ya yi ja, wuya ya yi kore-kore. Dole a cire kala tukuna.

Na biyu, ko an cire kala, Posterize yana raba filin 0 zuwa 255 ne gaba ɗaya, ba fuskar ba. In ka sa 3, iyakokinsa suna wajen 64 da 191. Mu gwada da lambobin Hanifa. Ƙarƙashin haɓa 40, ya zama baƙi. Kunci 70 da goshi 95, dukansu tsakanin 64 da 191 suke, sun zama toka iri ɗaya. Farin kuma bango ya ɗauke shi. Ke nan fuska ta samu kala biyu, hasken goshin da zai ba ta rai ya ɓace.

Brightness kuma ɗaga komai yake yi tare, tazarar da ke tsakanin goshi da kunci ba ta buɗewa. Abin da ake so shi ne a shimfiɗa ɗan lungun nan ya cika filin. Aikin Levels ke nan.

Anti, ga yadda zai yi, a jere. Ya yanke hoton ya bar kai da kafaɗa kawai. Ya cire kala. Ya buɗe Levels, a Input Levels ya sa na hagu 35, na dama 100. Ma'anarsa duk abin da ya kai 100 ya zama fari, abin da ke ƙasa da 35 ya zama baƙi, na tsakani a baje shi. Da wannan, 40 zai koma wajen 20, 70 zai koma wajen 137, 95 zai koma wajen 235. Kin ga yanzu kowanne ya faɗa gidansa daban. Bango zai ƙone ya yi fari fat, kada ya damu, ba bango muke zanawa ba. Sai ya yi Gaussian Blur kaɗan, sannan Posterize 3.

Nura Mai Hoto: To me ya kawo Blur kuma? Ai ɓata hoto zai yi.

Sadiq Zayyana: Hoton da aka ɗauka a duhu yana da ɗigo-ɗigo kamar yashi, kuma Levels yana ƙara fito da su. In ba ka lallashe su ba, iyakar inuwa za ta fito kamar bakin zarto, da ƙananan tsibirai barjat a kunci, yarinya ba za ta iya bin su da fensir ba. Blur yana haɗe su su zama shaci ɗaya mai santsi. A fara da 3 ko 4 in hoton ƙarami ne, babba yana buƙatar fiye da haka. Yadda za ka gane ya yi yawa shi ne ƙofofin hanci su narke su haɗe da inuwar leɓe. In ka ga haka ka koma baya ka rage.

Nura Mai Hoto: Na gwada a wani hoto yanzu, maganar kala 27 gaskiya ce. Amma ni har yanzu ina ganin in aka sa 4 ya fi kyau, 3 ya yi tsauri.

Malama Rakiya: Malam Nura, a ido huɗu ya fi taushi, ban musa ba. Amma yaro ne zai zagaye kowace kala da hannu, kuma a huɗu tsaka-tsakin biyu suna rikita su.

Maman Hanifa, duk abin da Sadiq ya faɗa daidai ne, amma ni shawarata a sake ɗaukar hoton, minti biyar ne. Gyaran kwamfuta yana fito da abin da ke ciki ne kawai, ba ya ƙirƙiro hasken gefe da babu shi. Ta tsaya taga tana gefenta, ba baya ba, ba kuma gaba sak ba, yadda rabin fuska zai fi rabi haske. Kada rana ta daki fuskar kai tsaye. A kashe fitilar ɗaki, a kashe filas, don filas yana goge inuwa ya bar fuska kamar faranti. Bayanta ya zama wani abu mai ɗan duhu, ko zani mara ado a rataye. Wani ya ɗauke ta da kyamarar baya, ya taɓa fuskarta a allon wayar kafin ya ɗauka, don wayar ta auna haske daga fuskar. In gefen inuwar ya yi duhu da yawa, wani ya riƙe farar takarda babba a wannan gefen, za ta mayar da ɗan haske.

Mai ɗauka kuma ya ja baya kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, daga baya a yanke. Hoton da mutum ya ɗauki kansa a tsawon hannu yana kumbura hanci ya ƙanƙantar da kunnuwa, saboda hanci ya fi kusa da kyamara. Yaro ya bi wannan da fensir, ya zo ya ƙara girman wani abu a takarda ta uku, sai fuskar ta tashi daga tasa.

Hajiya Binta: Ni inda jawabin ya tsaya mini shi ne wannan ƙara girman abu guda. Ɗana yana da manyan kunnuwa, kuma ya sha tsokana a kansu. A wata makaranta da ya yi a baya an taɓa ba su irin wannan aiki, aka ce kowa ya zana na kusa da shi. Yaron da ya zana shi ya yi masa kunnuwa kamar faifai, aka manna a bango mako guda. Har yau ba ya son a ɗauke shi hoto. Don haka ni da za a cire wannan matakin gaba ɗaya, da na fi samun natsuwa.

Malama Rakiya: Hajiya, Allah ya huci zuciyarsa, wannan kuskuren malami ne babba. Ina jin irin abin da malamar su Hanifa take gudu ke nan da ta ce kowa hotonsa, kuma kowa shi zai zaɓa. In yaro ne ya zaɓa, yawanci abin da yake so a jikinsa yake ɗauka.

Hajiya Binta: Yawanci, Malama. Amma akwai yaron da zai zaɓi abin da ake tsokanarsa da shi, ya ƙara shi da kansa don ya riga su dariya. Na san ɗana, haka zai yi. Kuma in an manna a bango ai duk ɗaya ne.

Malama Rakiya: Wannan gaskiya ne, na taɓa gani. Abin da nake yi shi ne in zagaya tun suna takarda ta farko in tambayi kowa a hankali me ya zaɓa, kuma ina barin wanda ba ya so ya ƙara komai. Katun yana tsayawa da layi kaɗan da kala uku ko ba a ƙara komai ba. Amma ba zan ce miki hakan yana kama kowane yaro ba.

Hajiya Binta: To a bar wa yaro zaɓin mannawa a bango ma.

Abban Sultan: Wannan kam na goyi baya.

Maman Hanifa: Jama'a na dawo. Mun yi duka biyun. Tsohon hoton da Levels ya fito da fuska, har Hanifa ta matso tana kallo, sai dai inuwar ba ta da tsari, ɗan fari a goshi kawai da duhu a wuya. Da yamma muka sake ɗauka a gefen taga, na rataya zani mai ruwan toka a bayanta, yayanta ya ja baya ya taɓa fuskarta a allo. Ya sake auna lambobin: kuncin da ke gefen taga 150, goshi 120, ɗaya kuncin 60. Ko kwamfuta ba mu buƙata ba. Da aka buga shi a takarda ta miƙa hannu ta ƙanƙance ido, sai ta ce, "Mama ga su nan, uku." Akwai wani ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin idonta na gefen inuwa, shi ta fara zagayewa.

Yanzu sabuwar matsala. Takardar layi ta cinye ashirin ɗinta tun ba ta kai baki ba, domin kitso gare ta, ta tsaya bin kowane layin kitso. Kuma ta takarda mai shara-shara ba ta ganin gefen fuskar da ke inuwa sosai.

Sadiq Zayyana: Na biyun mai sauƙi ne Anti. Ta manna hoton da takardar a gilashin taga da rana, haske zai ratso ta baya ya nuna mata komai. Sai dai hoton ya zama a takarda ta yau da kullum aka buga, mai kauri ba ta barin haske ya wuce sosai.

Malama Rakiya: Kitso kuma ta ɗauke shi kamar hula. Layi ɗaya ya zagaye gashin gaba ɗaya, ɗaya ya bi inda gashi ya haɗu da goshi, sannan tsaga uku kawai a wurin da suka fi fitowa, su nuna inda kitson ya nufa. Biyar ke nan, ido zai cike sauran da kansa. Ta fara da gira da idanu da baki tukuna, gashi ya zo ƙarshe da abin da ya rage.

Sannan maganar kala, tunda can za ta je. Kada ta ɗauki baƙi ta yi inuwa da shi, kada kuma ta yi hasken da fari. Ta nemi ruwan ƙasa uku daga gida ɗaya. Na tsakiya shi ne kalar fatarta ta ainihi, shi zai fi yawa a fuskar. Mai duhun ya fi shi duhu sosai, mai hasken kuma ya ɗan karkata zuwa ruwan zuma. Ta gwada su gefe da gefe a wata takarda ta ƙanƙance ido, in biyu suka haɗe to ba su rabu isasshe ba. Yara da yawa masu duhun fata suna ɗaukar kalar da ta fi su haske su sa a tsakiya, sai zanen ya fito kamar na wani. Lambobin da Sadiq ya shimfiɗa don a ga iyakar inuwa ne kawai, ba su ne kalar da za a shafa ba. Baƙin alƙalamin maka kuwa na layi ne, da gira da ƙwayar ido.

Baba Iliya: In ta gama wannan, Hajiya, ki ajiye mata madubi ki ɗauke hoton, ta sake yi da layi ashirin ɗin. Ina so in ga wanne zai fi kama da ita.

Maman Hanifa: In sha Allah Baba, zan turo duka biyun. Malama, kalolin da muke da su ruwan ƙasa biyu ne kawai a kwalin, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu. Za ta iya shafa mai duhun sau biyu ya zama na ukun, ko sai an nemo wani?

Malama Rakiya: In fensir mai kala ne za ta iya. Ta shafa mai duhun da sauƙin hannu a matsayin na tsakiya, a wurin inuwa kuma ta danna ta maimaita, ta ɗan ratsa shuɗi mai duhu a kai. In maka ne ki bari ya bushe kafin ta maimaita, in ba haka ba takardar za ta yi laushi ta yage. Wanne gare ku?